Yadda Ake Karanta Zanen Gudanar Bayanai

A ce an miƙo maka DFD, wato zanen da ke nuna yadda bayanai ke gudana a tsarin aiki, na wani kemis a Mabera, nan Sakkwato. Ga yadda za ka bi shi.

1. Fara daga gefe, ka nemo akwatuna masu kusurwa huɗu. Su ne na waje, kamar mai saye da dillalin magani. Suna ba da bayani ko su karɓa, amma ba sa cikin tsarin.

2. Nemo da'ira, ko akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi, mai lamba kamar 1.0. Wannan aiki ne, kuma sunansa aikatau ne: "Lissafa kuɗi".

3. Layi biyu a jere, ko akwati mai buɗaɗɗen gefe da alamar D1, ma'ajiya ce. Littafin kaya ke nan: yana riƙe bayani, ba ya sarrafa komai.

4. Yanzu ɗora yatsa kan kibiya guda ka bi ta. "Sunan magani" ya fito daga mai saye ya shiga 1.0, "farashi" ya zo daga D1, "rasit" ya koma wa mai saye. Kibiya bayani take ɗauka, ba kwalbar maganin ba, kuma ba ta nuna abin da ya riga wani faruwa. Nan ɗalibai suka fi ruɗewa.

5. Duba kowace kibiya: dole gefe ɗaya ya taɓa aiki. In ka ga ta tashi daga mai saye kai tsaye zuwa D1, an manta da aiki a tsakani, don mai saye ba ya rubutu a littafin kemis da hannunsa. Haka ma aikin da bayani ke shiga ba ya fita, a mayar wa mai zanen ya gyara.