Babi na 6: Gindin Bango Mai Fitar da Gishiri

Darasi na 1: Daga ina ruwan yake?

Ku tashi ku duba gindin bangon ɗakinku, ciki da waje. Idan kun ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, filasta tana zuba in an taɓa, ga wani farin gari kamar kanwa, to wannan babin naku ne. Ku lura da inda ɓarnar ta tsaya. Yawanci takan tsaya daidai gwiwa, wani lokaci ta kai ƙugu, da wuya ta wuce mita 1, wato ƙafa 3 da 'yan kai. A saman wurin za ku ga layi mai duhu, a karkace.

Ruwan nan daga ƙasa yake hawowa, ba daga rufi ba. Bulo da filasta suna da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kuma ta cikinsu ruwa ke hawa, yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Ruwan ƙasa yana ɗauke da gishiri a narke. In ya fito fuskar bango, zafin Sakkwato ya busar da shi, ruwan ya tafi ya bar gishirin. Gishirin nan yana taruwa a bayan fenti, yana ƙanƙara, yana turo fentin waje. Shi ya sa mai gida zai yi fenti gab da Sallah, damina ɗaya ta wuce, bango ya koma yadda yake. Ba lallai ne fentin ya zama jabu ba.

Gidajen da ke kusa da fadamar Rima da unguwannin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta sun fi fama da wannan. Amma gida a kan tudu ma yana yi, idan indararo na zuba a gindin bango, ko wurin alwala da wanke-wanke ya jingina da shi.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku yanko farar leda mai tsawon ƙafa 1 da faɗin ƙafa 1. Ku manna ta a gindin bango da salatif, ku rufe gefe huɗun duka, kada iska ta shiga. Ku bar ta kwana 2. In kun ɓare kun ga gefen da ke kallon bango ya jiƙe, bangon yana da danshi a cikinsa. Ku ajiye ledar da salatif, za mu sake buƙatarsu.

Darasi na 2: Kada a wanke gishirin

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Wanda bai gane a karatun farko ba ya sake karantawa, ba abin kunya ba ne.

Farin garin nan, a bushe ake kankare shi. Ba a sa masa ruwa.

Ku samo buroshi mai tauri ko guntun tsintsiyar kwakwa. Ku shimfiɗa buhu a gindin bango. Ku goge garin ya zubo kan buhun, ku naɗe, ku kai shi bola nesa da gini. Kada a share shi zuwa gindin bango, domin ruwan farko zai narkar da shi ya mayar da shi ciki.

Wani dattijo a aji ya ce mini, "Malam, ai abin da ya yi dauɗa wanke shi a kai." Na ce, "Baba, gishiri in ya ga ruwa me yake yi?" Ya ce narkewa. To in ya narke a jikin bango, bango zai shanye shi. Za ku ga wuri ya yi fes, ku ji daɗi, bayan kwanaki kaɗan farin ya dawo, kuma kun ƙara wa bangon ruwa a kan wanda yake fama da shi.

Mu maimaita. Buroshi busasshe. Buhu a ƙasa. A kai bola. Bayan mako ɗaya a duba, in garin ya sake fitowa a sake gogewa, a bushe. Tsumma mai laima ma ruwa ne. Na faɗi haka ne don akwai waɗanda suka amsa mini da "to Malam" a aji, suka koma gida suka sa yara da bokiti da omo. Wannan ba rashin ganewa ba ne, gaggawa ce, kuma aljihunku ne zai biya.

Darasi na 3: Gyaran bango ɗaya

Mu ɗauki bango mai tsawon ƙafa 12, layin danshi ya kai ƙafa 2. Da aka duba waje, sai aka ga an yi cikon ƙasa a tsakar gida don ruwa ya daina kwanciya, cikon ya hau har ya rufe daɓen gindin gini. Magina suna kiran wannan shingen dipisi, wasu su ce jaman fulo: kankare ne, da leda mai kauri, da ake shimfiɗawa a kan fandisho don ya tare ruwa. Ƙa'ida ita ce ya ɗara ƙasar waje da inci 6 aƙalla, wato kaurin ƙaramin bulo. In ƙasa ta rufe shi, ruwa yana bi ta gefe ya tsallake shi.

Da farko a kwashe cikon har dipisi ya fito da inci 6, a gangarar da ƙasar yadda ruwa zai gudu daga bango. A ƙara wa indararo tsawo ko a sa masa bututu zuwa kwata. In ba a yi wannan ba, sauran aikin asara ne.

Sai a farfasa tsohuwar filasta, domin ta riga ta cika da gishiri. Ba a tsayawa a layin, ana ƙara ƙafa 1 a sama. A bangonmu ke nan ƙafa 3. A bar bulo tsirara.

A fara wannan a watan Oktoba da ruwa ya ɗauke, hunturu ya yi aikin busarwa. Bango yakan ɗauki watanni, ba kwanaki ba. A duk tsawon lokacin ana goge garin da ke fitowa. Da me? Da busasshen buroshi.

Wajen Fabrairu ko Maris a maimaita gwajin leda. In ta fito a bushe, a yi sabuwar filasta: kwano 1 na siminti, kwano 4 na yashi mai tsabta wanda ba laka a ciki. Rabin buhun siminti zai isa wannan wurin. Daga waje, kada filasta ta sauko ta haɗe da ƙasa, in ba haka ba ita ce za ta zama sabuwar hanyar ruwa.

Darasi na 4: Fenti

A jira mako 4 bayan filasta. A shafa fentin ruwa ko farar ƙasa, su ne ke barin bango ya yi numfashi. Fentin mai yana kulle danshi ya yi bororo. Masu manna tayil a gindin bango mai danshi kuma su sani ruwan zai ƙara hawa ne ya ɓullo ta saman tayil ɗin.

Darasi na 5: Gidan da ba dipisi

Ana iya yanka bango kaɗan kaɗan a cusa leda, amma aikin gogaggen magini ne, kada ku taɓa da kanku. Ginin ƙasa kuma kada a lulluɓe gindinsa da siminti, ta ciki zai ruɓe. Mai sabon gini ya tsaya da kansa ranar shimfiɗa leda, ya ga an ɗora baki kan baki kuma ba ta huje ba.

Aikin gida: ku auna tsayin layin danshi a bangonku, ku rubuta adadin inci a littafi, ku zo da shi ranar Asabar.