Darasi: Yadda ake rubuta sanarwar neman gudummawa ba tare da an ɗora wa mutane nauyi ba

Toh 'yan uwa ɗalibai, darasin yau a kan ɗan rubutun nan ne da ake sawa a ƙarƙashin hoto idan ƙungiya za ta nemi taimakon jama'a, irin wanda ake turawa a guruf na WhatsApp ko a ɗora a Facebook. Aikin rubutun guda biyu ne kacal, ya faɗa wa mai karatu abin da kuɗinsa zai yi, sannan ya nuna masa ta inda zai bayar. Duk abin da ya wuce wannan, yawanci ko dai surutu ne ko kuma matsi.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce famfon tuƙa-tuƙa na unguwa ya lalace, da safe sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya fito, in ya fito ma ja ne da tsatsa. Ƙungiyar unguwa ta kira mai gyara ya zaro bututun ya duba, ya ce guda 6 sun ɓule shi ya sa ruwan yake sulalewa ƙasa cikin dare, robobin silinda ma sun cinye. Ya rubuta lissafi ya bayar. Farashin da zan kawo na misali ne kawai, ku ranar da za ku rubuta naku sai ku je kasuwa ku tambayo.

Ga yadda mutane da yawa za su rubuta: "Wai ina masu kuɗin unguwar nan ne? Kuna sayen data kullum amma yara na shan ruwan kududdufi, duk wanda ya karanta ya wuce bai taimaka ba Allah na ganinsa." Ku sake karantawa, nawa ake nema? Babu. Me za a saya? Babu. A ina za a biya? Shi ma babu. Abin da ke ciki kawai zargi ne, kuma an yi wa kowa kuɗin goro, har da bawan Allahn da ko na cefanen gobe bai haɗa ba. Wani zai bayar don kunya, amma gaba in ya ga saƙon ƙungiyar ko buɗewa ba zai yi ba. Sannan akwai hadisin da ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, saboda haka kuɗin da aka tatsa da kunyatarwa ni dai ba na so a ce da shi aka gyara mana abin shan ruwa.

Yanzu ga wanda ya fi:

"Assalamu alaikum jama'a. Famfon bakin masallacin unguwarmu ya lalace, muna son gyara shi. Mai gyara ya duba, aikin zai ci naira 180,000: bututu 6 a kan 90,000, silinda da robobi 50,000, siminti na gyaran dandamali 15,000, ladan mai gyara 25,000. 'Yan ƙungiya mun haɗa 60,000, saura 120,000. Naira 15,000 na sayen bututu ɗaya, mutum 15 in kowa ya ba da 1,000 shi ma bututu ɗaya ne. Mai son bayarwa ya tura ta akawun ɗin ƙungiya da ke ƙasa, ko ya kai wa ma'aji hannu da hannu ya karɓi rasit. Za mu rufe karɓa ranar Juma'ar ƙarshen wata. In an samu rara za a ajiye shi don gyaran gaba. Wanda bai samu hali ba babu komai, ya sa mu a addu'a ko ya tura wa wani. Allah ya saka da alheri."

Ku lura da layin farko. In rubutu ya yi tsawo waya tana yanke shi ta sa "Read more" ko "See more", kuma ba kowa ke dannawa ba, don haka matsalar da abin da ake son yi su zo tun a sama, kada a cika wajen da doguwar gaisuwa da sunayen shugabanni.

Wurin da na fi so ku tsaya shi ne maganar bututu ɗaya ɗin nan. In ka ce wa mutum ana neman 120,000 shi kuma 1,000 ce a aljihunsa, sai ya ga ai tasa ba za ta yi komai ba ya haƙura. Amma da aka ce mutum 15 bututu ɗaya, ya ga inda tasa za ta shiga. Sai dai fa lissafin ya zama gaskiya, daga takardar mai gyara za ku ciro shi, kada ku ce "1,000 ɗinka za ta shayar da gida goma" alhali ba wanda ya ƙirga, domin ranar da wani ya tambaya kuka kasa amsa shi kenan yarda ta tafi. Haka nan kada ku yi alkawarin famfo ba zai ƙara lalacewa ba, roba aba ce mai cinyewa, dole wata rana a sake ta.

Sai hanyar bayarwa, wadda a nan ake yawan yin ɓarna. A rubuta abu uku kowanne a layinsa, sunan banki, lambar akawun, da sunan da ke kan akawun ɗin daidai yadda zai fito a waya. Lambar akawun a Najeriya lambobi 10 ce, ku ƙirga da yatsa kafin ku tura, kuma wani ya fara gwada tura naira 100 a ga ta shiga. A ƙara da cewa "in ka ga wani suna daban ya fito kada ka tura", saboda akwai masu kwafe sanarwa su canza lamba su sa tasu. In ƙungiya ba ta da rajista har yanzu, akawun ɗin ma'aji ake amfani da shi, to a faɗi haka ƙarara a cikin rubutun, kada mutum ya ga sunan wani ya shiga kokwanto. Masu turawa ta wajen mai POS kuma sunan mai shagon ne sau da yawa yake fitowa a alat, sai a roƙe su su ɗauki hoton rasit su turo wa ma'aji shi kaɗai, ba cikin guruf ba.

Wannan na ƙarshen da dalili. Da zarar aka fara jera sunaye a guruf, wane 20,000 wane 500, matsin da muka kora ya dawo, mai 500 zai ji kunya, wanda bai bayar ba kuma zai ga kamar shi ake nunawa. Jimilla kawai za a riƙa sanarwa, "zuwa yau an samu 85,000, saura 35,000". Hoto ma haka, a ɗauki famfon da ɓulallen bututun da aka zaro, ba sai an sa fuskar yaran mutane da jarkoki ba, in kuma dole ne to a nemi izinin iyayensu. Bayan an gama aiki a turo hoton rasit na kaya da na ruwa yana zuba, a cikin guruf ɗin da aka nemi kuɗin.

Aikin gida: kowa ya zaɓi buƙata ɗaya ta gaske a unguwarsu, ko tabarmin makarantar allo ko kwanon rufin aji, ya je ya tambayo farashi, ya rubuta sanarwar da ba ta wuce layi 10 ba. In kun zo aji kowa zai ba na kusa da shi ya karanta a bayyane, sai a tambayi mai karatun nawa ake nema, me za a saya, ta ina ake biya, yaushe za a rufe. In ya kasa amsa ɗaya, mai rubutun ya koma ya gyara wajen.