Yadda za ka zaɓi Jamusancin da za ka riƙe tsakanin na Jamus da Ostiriya da Suwizalan

Yawancin 'yan koyon da na ga sun rikice a Jamusanci ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wuraren koyo ne suka yi masu yawa. Littafin aji na Jamus, bidiyon da suke kallo a waya na wata malama 'yar Biyana, babban birnin Ostiriya, ga kuma aboki a Zurik ta Suwizalan yana turo masu saƙo kullum. Sai ka ga yaro ya rubuta wasiƙa guda ɗaya, layin farko Jänner, wato Janairu a bakin Ostiriya, layi na biyu Strasse, wato titi a rubutun Suwizalan, ƙarshe ya rufe da Grüßen irin na Jamus, kowace kalma daidai take a garinsu amma wasiƙar ba ta kowa ba ce. Ƙasashen nan uku kowacce tana da daidaitaccen Jamusancinta da ake koyarwa a makaranta ake buga jarida da shi, kamar dai yadda ɗan Nijar ke rubuta ƴ mu a Najeriya muna rubuta 'y kuma duk Hausa ce. Abin da nake gaya wa kowa shi ne hannunka da bakinka su riƙe guda ɗaya, kunnenka kuma ya san sauran.

Mataki na farko: ka yanke inda ka nufa

Kar ka buɗe ƙamus tukuna. Ina za ka, ko wace jarrabawa za ka zauna? In ka san Biyana ko Garaz za ka yi karatu, ɗauki na Ostiriya. In aiki ne a Zurik ko Basel, na Suwizalan. In ba ka sani ba tukuna, wanda shi ne halin mafi yawanmu, ɗauki na Jamus ka huta. Ba don ya fi sauran kyau ba, a'a, masu shi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, littattafan da za ka samu da araha ko kyauta kusan duk da shi aka rubuta su, sannan in ka ce Kartoffel ko Tomate a kasuwar Biyana babu wanda zai tsaya yana kallonka, amma ka je Hambog ka ce a ba ka Paradeiser, wato tumatir a bakin 'yan Biyana, mai kanti zai iya cewa me ke nan.

Ka sa a ranka ma jarrabawar B1 ta Goethe-Zertifikat haɗin gwiwa ce, cibiyar Goethe-Institut ta Jamus da hukumar jarrabawa ta ÖSD ta Ostiriya da jami'ar Firibur ta Suwizalan ne suka tsara ta tare, shi ya sa a ɓangaren sauraro za ka iya jin muryar ɗan Ostiriya ko ɗan Suwizalan. Don haka zaɓen guda ɗaya ba ya nufin ka toshe kunne daga sauran.

Mataki na biyu: harafin ß

Nan ne aka fi zubewa, don haka zan daɗe a nan. Da farko wannan harafi ba B ba ne. Na sha ganin an rubuta Strabe ko an karanta Fuß kamar "fub" saboda siffarsa ta yi kama da babban B, alhali sautinsa s ne tsantsa. A waya ka sa Jamusanci cikin harsunan kibod ɗinka, ka danne s ka riƙe, zai fito. A Windows kuma ka riƙe Alt ka buga 0223 a ɓangaren lambobi.

A Jamus da Ostiriya doka ɗaya ce tun gyaran rubutun 1996. In wasalin da ya zo kafinsa mai ja ne, ko tagwan wasali ne irin ei da au, sai a sa ß: Straße, groß, Fuß, heißen, draußen. In wasalin gajere ne sai ss: Wasser, muss, Fluss, dass. Bahaushe ya ma fi wasu sa'a a nan tunda kunnenmu ya saba da bambance wasali mai ja da gajere, ko da ba ma nuna shi a rubutu. Ka faɗi Fuß da Fluss da ƙarfi ka ji, u ɗin farko yana miƙewa, na biyu yana katsewa. Matsalar 'yan koyo ita ce suna haddace kalma da ido kawai, ba su taɓa jin yadda ake faɗinta ba, to ta ina za su san ja ne ko gajere? Kowace sabuwar kalma mai wannan sautin ka saurare ta kafin ka rubuta.

Wurin da yake kama har waɗanda suka kai B1 shi ne aikatau ɗaya yana iya canzawa a tsakiyar hanya. Essen da ss, ich esse da ss, amma ich aß da ß don a ɗin ya yi ja. Wissen da ss, wir wissen, amma ich weiß da ß saboda ei, sannan gewusst ya koma ss. Wanda ya haddace cewa "wissen na ss ne" shi kenan, zai rubuta ich weiss, kuma malami a Jamus zai ja masa jan biro.

To a Suwizalan da Lishtenstain babu ß gaba ɗaya, ko a kibod ɗinsu ba a ba shi maɓalli ba. Komai ss ne: Strasse, gross, heissen, ich weiss. Sai ɗan koyo ya ji haka ya yi murna ya ce ai shi salon Suwizalan yake bi, ya watsar da dokar. Ni ban yarda da wannan gajeriyar hanya ba sai ga wanda ya tabbata can ɗin za shi. Dalili, wanda ya iya ß zai koma ss cikin minti ɗaya, amma wanda ya tashi da ss zalla in ya tashi rubuta takardar neman aiki a Jamus sai ya bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya daga farko. Kuma ss zalla yana ɓoye maka furuci, Maße ma'auni ne da a mai ja, Masse tarin abu ne da a gajere, a rubutun Suwizalan duk Masse ne, su sun san bambancin tun suna yara, kai ba ka sani ba.

Abu biyu ƙanana. In ka sayi tsohon littafi don arha ka ga daß da muß, wannan rubutun kafin 1996 ne, ba na wani yanki ba, kar ka kwafa. In kuma fom ya ce a cike da manyan haruffa, rubuta STRASSE. Tun 2017 an amince da babban ẞ, amma SS ɗin yana nan daram kuma shi ya fi sauƙi.

Mataki na uku: ka koyi karanta alamar ƙamus

Duden, sanannen ƙamus na Jamusanci, yana sa alama kusa da kalmar da ba ta ko'ina ba ce, za ka ga österreichisch ko schweizerisch ko süddeutsch ko norddeutsch ko landschaftlich, wato ta Ostiriya ko Suwizalan ko kudancin Jamus ko arewacinta ko wani yanki. Mutane suna tsallake wannan su wuce kan ma'ana kai tsaye. In ka ga kalma da alama, rubuta ta a littafinka tare da alamar, ka nemo 'yar'uwarta mara alama, ita za ka riƙa amfani da ita. Samstag ana jin ta ko'ina, Sonnabend ta arewa da gabashin Jamus ce, to Asabar ɗinka Samstag ce. Brötchen, ƙaramin burodi, ita ce ta littafi, Semmel a Babariya ta kudancin Jamus da Ostiriya, Schrippe a Balin. Ka lura iyakar kalma ba ta bin iyakar ƙasa, ɗan Munik ta kudancin Jamus yana tarayya da ɗan Salzbog ta Ostiriya a abubuwa da yawa fiye da ɗan Hambog ta arewacin Jamus, biyun farko za su gaishe ka da Grüß Gott, su ce ich bin gesessen inda na arewa zai ce ich habe gesessen.

Kar ka ɗauka kalmomin Ostiriya karin harshen ƙauye ne. Jänner ne a takardun gwamnati, Matura ce jarrabawar gama sakandare da Jamus ke kira Abitur, kuma da ƙasar za ta shiga Tarayyar Turai a 1995 sai da aka sa kalmomin abinci 23 nata a cikin yarjejeniyar, irin su Marille da Topfen da Erdäpfel.

Mataki na huɗu: kalmomin da ke canza ma'ana

Kalmar da ba ka sani ba ba ta da haɗari, za ka tambaya. Mai haɗarin ita ce wadda ka ɗauka ka sani. Sessel a Jamus kujerar falo ce mai laushi, a Ostiriya kujera ce ta yau da kullum wadda Jamus ke ce wa Stuhl. Wischen a Jamus gogewa ne da jiƙaƙƙen tsumma, a Suwizalan shara ce da tsintsiya, wanda zai yi aikin otal ko gidan kula da tsofaffi ya riƙe wannan da kyau. Wadda ta fi sa mutane rasa alƙawari kuwa agogo ne. Halb elf 10:30 ne a ko'ina, ba 11:30 ba. A gabashi da sassan kudancin Jamus da gabashin Ostiriya kuma za ka ji viertel elf, wato 10:15, da dreiviertel elf, 10:45, suna ƙirga yadda aka ci cikin awa ta sha ɗaya ne. Kai dai in lokacin likita ne ko na ofis, maimaita da lamba: zehn Uhr fünfzehn?

Mataki na biyar: gwada da saƙo ɗaya

Ka ce kana rubuta wa mai gidan haya za ka tare a Janairu, kana tambaya ko za ka iya ajiye kekenka a waje bakin titi. Na Jamus:

Sehr geehrte Frau Meier,
ich ziehe im Januar ein. Darf ich mein Fahrrad draußen an der Straße abstellen?
Mit freundlichen Grüßen

A Ostiriya kalma ɗaya tak za ka taɓa, Januar ta koma Jänner. A Suwizalan abu huɗu ne. Keke Velo ne, sun aro daga Faransanci kamar Billett da Trottoir. Duk ß ya koma ss, draussen da Strasse. Bayan sunan matar ba a sa waƙafi, layin da ke biye kuma ya fara da babban harafi, Ich. Rufewa kuma Freundliche Grüsse suka fi yi. Kafin ka tura, bi saƙon da ido ka tabbata ba ka bar ß a wani layi da ss a wani ba, sannan ka saita mai duba kuskuren rubutu na kwamfutarka a kan Deutsch (Deutschland) ko Deutsch (Österreich) ko Deutsch (Schweiz), don in yana kan ƙasar da ba ita ba zai riƙa ja maka layi a inda kake daidai.

Sauran kuma sai ka isa. Gaisuwa ka mayar da wadda aka yi maka, Moin a arewacin Jamus, Grüezi a Zurik, in ka rasa Guten Tag ba ta laifi. Jinsin wasu kalmomi ma yana sauyawa, die E-Mail a Jamus, a Ostiriya da Suwizalan za ka riƙa jin das E-Mail, riƙe ɗaya. A Suwizalan abin da ake yi a titi da wurin aiki karin harshensu ne, ya yi nisa da na rubutu, ba a rubuta jarrabawa da shi kuma ba sai ka fara shi daga gida ba. In sun yi maka ba ka gane ba ka ce Können Sie bitte Hochdeutsch sprechen? wato don Allah su yi daidaitaccen Jamusanci, za su sauya maka.