Yadda ake zaɓar wa gidan burodi sunan da zai karɓi biki da cinikin kullum

Da yawa daga cikin masu fara wannan sana'a a Katsina suna zaɓar suna ne da mai saye ɗaya a zuciyarsu, shi ya sa suke rasa ɗayan. Wadda ta sa wa shagonta suna mai ƙamshin sarauta da Turanci takan samu odar kek, amma mai shayi yana ganin allon zai ɗauka burodinta ya fi ƙarfin teburinsa. Wadda kuma ta zaɓi Rahusa ko Sauƙi za ta sayar da burodi, sai dai babu uwar amaryar da ke son a ga wannan kalma a jikin kwalin da za a kai gidan surukai.

Matakin farko shi ne ki raba suna da bayanin kaya. Sunan ya zama kalma ɗaya mai gaɓa biyu ko uku, wadda ba ta ambaci burodi, ko kek, ko farashi ba. Bayanin ne zai riƙa canzawa a ƙarƙashinsa.

A ɗauka kina Ƙofar Ƙaura, kina da sunaye uku: Amarya, Gobarau da Zuma. Amarya ya ɗaure ki da biki, kuma magidanci zai ji nauyin aiken yaro ya sayo burodin Amarya kowace safiya. Gobarau yana da martaba, amma kowa a garin nan yana jin yana da haƙƙi a kan sunan hasumiyar, saboda haka da wuya ya zama naki ke kaɗai. Zuma ya tsallake duka biyun: a leda ki rubuta burodi a ƙarƙashinsa, a kwali kuma ki rubuta kek, samosa, cincin da kayan gara.

Kafin ki biya mai buga leda ko sisi, ki gwada sunan a baki. Ki faɗa wa yaro sau ɗaya ki aike shi, ki ga ko zai isa shago da shi daidai. Sannan ki furta wa wata dattijuwa a waya, ki ce ta maimaita. Idan sai kin yi bayanin yadda ake rubuta shi, ki bar shi. A wurina doka ce kada sunan Allah ko aya ta hau leda, domin ledar burodi a bola take ƙarewa. Ki kuma lura da ƙ, ɗ da ɓ, domin a Instagram da sauran shafuka lanƙwasar takan faɗi, wani lokaci ma'anar ta canza.

Daga nan ki duba sunan a shafin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ki tanadi na biyu ko da na farko yana da mai shi, kuma ki guji kalmomi irin su National da Federal, waɗanda sai da izini na musamman. Allon shago da sitika su jira sai rajista ta fito.