Babi na 7: Jawabin shugaban kwamiti ranar gyara da ƙawata zauren taro

Darasi na 1: Kafin ka buɗe baki

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Cikinku akwai waɗanda anka ba shugabancin kwamiti a unguwa, wani a Mabera wani a Runjin Sambo wani can Arkilla, kuma na san abin da ke damunku, ranar da za a taru a gyara zauren taro kai ne za ka tashi ka yi magana. Kada gabanka ya faɗi. Wanda ya iya rubuta sunansa da sunan maƙwabcinsa ya iya wannan aikin.

Ka samu takarda ɗaya da biro tun daren jajibiri. Takarda ɗaya na ce, ba littafi ba. Ka rubuta da manyan baƙaƙe yadda za ka gani ko ka miƙe hannu, ka bar layi ɗaya babu komai tsakanin kowane layi biyu, saboda in ka ɗaga kai ka kalli mutane ka dawo, idonka ya gane inda ka tsaya. Ka ja layi biyu a kwance ka raba takardar gida uku. Gidan sama ka rubuta GAISUWA, na tsakiya GODIYA, na ƙasa RABON AIKI, kuma na ƙasan ya fi sauran girma, ya ci rabin takardar.

Jawabin duka kada ya wuce minti 5. Mutane a tsaye suke da tsintsiya a hannu, kuma kun san ranar Sakkwato a watan Maris da Afrilu, in ƙarfe 11 ta yi babu mai iya tsayawa bisa tsani kusa da kwanon rufi.

Darasi na 2: Gaisuwa da godiya

Ka fara da sallama, ka jira a amsa. Ka jira fa, kada ka wuce. Sannan ka gaida manya bisa tsari, mai unguwa, liman, dattawa, iyaye mata, sai matasa. In liman na wurin ka roƙe shi ya buɗe da addu'a kafin ka ci gaba.

Wajen godiya, abin da nake so ku riƙe shi ne a haɗa mutum da abin da ya yi. "Mun gode wa kowa da kowa" magana ce mai kyau amma ba ta shiga zuciyar kowa. Ka duba bambancin da wannan:

"Allah ya ba mai unguwa nasara, mun gode da iznin da anka ba mu. Iyayenmu mata da sunka kawo tsintsiya da bokitai, Allah ya saka da alheri. Matasan da sunka kwaso kujeru tun jiya da marece, mun gani, mun gode. Wanda duk ya taimaka ban ambace shi ba ya yafe mini, Allah ya san shi."

Wannan layin na ƙarshe kada ka bar shi, dole sai ka manta wani. Kuma kada ka faɗi yawan kuɗin da mutum ya bayar sai in ya yarda, wani ba ya so a sani, wani kuma kaɗan ya samu ya bayar za ka sa shi jin kunya cikin mutane. Lissafin kuɗi aikin ma'aji ne ranar mitin.

Darasi na 3: Rabon aiki

To nan ne wurin. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan, ku yi haƙuri da ni.

Na taɓa tsayawa a wani zaure ana shirin walimar saukar karatu washegari, mutum 24 sun fito, shugaban kwamiti dattijo ne mai kirki ya yi gaisuwa mai daɗi ya yi godiya har da hadisin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, sai ya zo rabon aiki ya ce "to jama'a a share, a goge, a yi fenti, a jera kujeru, Allah ya ba da lada." Ya zauna. Mi ya faru? Mutum goma sunka rufu kan tsintsiya huɗu. Wasu yara sunka goge kujeru tas sunka jera, can sai wani ya hau tsani ya fara kakkaɓe yanar gizo daga silin, duk ƙura ta sauko bisa kujerun da anka goge. Bokitin fenti yana gefen ƙofa ko buɗe shi ba a yi ba har ƙarfe 10, kowa na zaton wani ne zai yi. Ba lalaci ba ne, mutanen nan da niyyarsu sunka zo. Kalma ɗaya ce ta ɓata aikin, wannan ƙaramar "a" ɗin. A share. Wa zai share? "A" ba sunan kowa ba ne a unguwarku.

Saboda haka kowane aiki sai ya amsa tambaya huɗu: WA, MI, INA, YAUSHE. Wa zai yi, mi zai yi, ina zai yi shi, yaushe zai gama. Ku faɗa da baki yanzu. Wa, mi, ina, yaushe. Ku sake.

Ga yadda ake rubuta shi a gidan ƙasa na takarda, kowane aiki da lambarsa da layinsa, inda ka ga ______ nan za ka sa sunan mutum:

1. ______ da mutum 3, sauke yana da ƙura, silin da fanka da tagogi, su gama ƙarfe 8.
2. ______ da mutum 5, shara, ciki da bakin ƙofa, su gama 8 da rabi.
3. ______ da mutum 4, fentin ruwa, bango huɗu na ciki, shafin farko ya ƙare ƙarfe 10.
4. ______ da mataimaki 1, duba waya da ƙwan fitila da lasifika, kafin ƙarfe 10.
5. ______ da mutum 5, labule da kyallayen ado da jera kujeru da tabarmi, bayan la'asar.

Ka ƙirga, 4 da 6 da 5 da 2 da 6, mutum 23 ke nan, kai ne cikon na 24. Kai ba ka cikin kowane rukuni, naka shi ne zagayawa da takarda a hannu, da kula da ruwa. In ka ɗauki buroshi ka manne a bango ɗaya babu mai ganin abin da ke faruwa a sauran.

Ka lura da jerin lambobin, ba haka kawai na jera su ba. Daga sama ake farawa a sauko ƙasa. Yana kafin shara, shara kafin fenti, don in ana shara bango na jiƙe ƙurar za ta manne a fentin ka ga bangon ya yi ƙurji-ƙurji. Masu shara su yayyafa ruwa tukuna, balle lokacin hunturu da ƙura ke shigowa ta kowace taga. Ado da kujeru su ne ƙarshe, sai bango ya bushe, ka taɓa da bayan hannu in bai yi sanyi ba bai kama ka ba to ya yi. Fentin mai kuma, irin na ƙofa da taga, kada a taɓa shi in gobe ne taron, ba ya bushewa da wuri kuma warinsa na kwana, ga shi ya ɓata wa baƙi manyan riguna.

Yanzu ga yadda za ka faɗe shi da baki. Ka kira sunan, ka tsaya, ka kalli mutumin har ya amsa.

"Malam ______, kana ina? Yauwa. Kai ne shugaban masu fenti. Ga mutanenka huɗu, wane da wane da wane da wane. Bango huɗu na ciki, shafin farko ya ƙare ƙarfe 10. Bokitin fenti da rola biyu suna hannunka, kai za ka maido su. Ka ji?"

Sai ya ce na ji. In bai ce na ji ba, ba ka raba aikin ba tukuna. In ka kira suna shiru, mutumin bai zo ba, to nan take ka sa wani ka soke sunan farko da biro ka rubuta sabon, kada ka ce "in ya zo a faɗa masa", ga "a" ɗin nan ta sake dawowa.

In Hajiya ce shugabar mata haka za ka yi cikin ladabi: "Hajiya, muna roƙon ki riƙe mana rukunin ado, labule da kyallaye, bayan la'asar. Wa da wa kike so su taya ki?" Babba ana roƙonsa ne, amma ko a roƙon sai tambayoyin nan huɗu sun fito.

Makon jiya na ba ku wannan a aji, mutum nawa sunka kawo mini takarda an rubuta "matasa su yi shara". Haba jama'a. Sau nawa zan faɗa? Matasa ba suna ba ne. Matasa ɗari ne a unguwa, wanne daga ciki zan tambaya in na tarar da shara a bakin ƙofa? Wasu kuma sun sa suna sun bar lokaci, sai mai fenti ya ce ai bai san yau ake so ba. Wallahi ba don in ɓata muku rai nake yi ba, na ga yadda ake jin kunya ne ranar taro baƙi na shigowa ana jan kujeru. Ku ɗauki takardunku ku gyara, kowane layi ka ɗora yatsa ka tambayi kanka, wa, mi, ina, yaushe. Layin da ya rasa ɗaya ka sake shi. Za ku iya, wasunku sun riga sun iya.

Aikin yi: rubuta layi uku na rabon aiki da sunayen mutanen unguwarku, ka karanta wa na kusa da kai, shi kuma ya faɗa maka wa zai yi, mi, ina, yaushe, ba tare da ya kalli takardar ba.

Darasi na 4: Gargaɗi

Abu uku za ka faɗa da ƙarfi. Tsani mutum biyu ne, ɗaya bisa ɗaya riƙe. Waya kuma babu mai taɓa ta sai mai gyaran wuta, shi ma sai ya kashe wutar daga babban makunni, ko da an ɗauke wuta, don ana iya maido ta yana riƙe da waya. Yara su tsaya waje.

Darasi na 5: Rufewa

Ka faɗi inda ruwan sha yake da lokacin da za a tsaya, misali a tashi kafin azahar a dawo bayan la'asar don shafi na biyu in ana buƙata, in an yi shi kuwa masu ado su jira ya bushe. Ka ce bismillah kowa ya nufi rukuninsa. Kada ka sake komawa godiya.

Darasi na 6: Bayan an gama

Ka bi takardarka ka karɓi kaya daga wanda ka ba, tsintsiya, rola, tsani, guduma. Na aro a mayar ranar. Ka ajiye takardar, ku zo da ita aji ranar Asabar mu duba.