Yadda ake gane agogon da maganaɗisu ya kama, da yadda ake cire masa shi

Idan agogonka na hannu irin marar batir ne, wanda ake yi wa wani da hannu ko otomatik, ya shekara yana tafiya daidai, sai ka wayi gari ka ga ya wuce lokaci da mintuna, kada ka yarda a taɓa masa saiti tukuna. Abu na farko da ya kamata ka zarga shi ne maganaɗisu, wanda wasu ke kira mayen ƙarfe. Gyaran ba ya cin minti biyu, kuma sau da yawa ko buɗe bayan agogon ba a yi.

A cikin irin wannan agogo akwai wani ɗan wili mai kai da komo, da wani sifirin siriri kamar gashi, naɗe a tsakiyarsa kamar gammo. Sifirin ɗin yana buɗewa yana rufewa, shi ke dawo da wilin duk lokacin da ya juya, kuma tsawonsa ne ke yanke saurin bugun agogon. Dogo yana bugawa a hankali, gajere yana sauri. To idan maganaɗisu ya shige shi, sai zagayen da ke maƙwabtaka su riƙa jan juna har su manne. Sashen da ya manne ya daina aiki, sifirin ya zama tamkar an gutsure shi, wilin ya kama sauri.

Abin ya same ni da Seiko 5 ɗin da na gada wurin mahaifina, agogon da nake ji da shi ƙwarai. Injinsa yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a kowace daƙiƙa. Rana guda daƙiƙa 86,400 ce. Idan sifirin ya rasa kashi biyu cikin ɗari na tsawonsa mai aiki, saurin bugun yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari. Kamar ba komai ba, amma kashi ɗaya na 86,400 daƙiƙa 864 ne, minti 14 da ɗoriya ke nan kullum. Kusan abin da nawa ya riƙa ƙarawa ke nan. Na saita shi da asuba, kafin isha'i ya yi gaba da kusan minti tara. Da na bi sawu, sai na tuna na canza wurin ajiye shi: kullum dare a kan rediyo nake ɗora shi, daidai saman lasifika.

Lasifika ita ce babbar mai laifi a gidajenmu, domin kowace tana ɗauke da maganaɗisu a bayanta, daga ta rediyo da ta talabijin har ta wayar salula da abin saƙalawa a kunne. Bayan ita sai ƙananan abubuwan da ba a zargi: maɓallin jakar mata da ke rufe kansa da ɗan ƙas, murfin waya mai mannewa, gefen kwamfutar cinya, robar ƙofar firij, da cajar nan da ke manne wa bayan waya. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in an matsa, shi ya sa tazarar taki ɗaya ko biyu kan wadatar. Ɗora agogo kai tsaye a kan abin shi ke jawo matsala. Ko agogon da aka rubuta masa cewa yana jure maganaɗisu bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 764, abin da aka gwada shi da shi bai wuce kimanin gaus 60 ba a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, kuma ɗan maɓallin jaka yana iya wuce haka a jikinsa.

Kafin ka nemi gyara, ka tabbatar. Samo kamfas, ko da irin wanda ake duba alƙibla da shi ne. Ajiye shi a kan teburin katako nesa da ƙarfe da waya, ka jira allurar ta tsaya cak. Sannan ka kawo agogon a hankali dab da shi, ka riƙa juya shi, fuska da baya da gefe. Idan allurar ta ɗan motsa kaɗan, wannan ba hujja ba ce, ƙarfen da ke cikin kowane agogo yana iya jawo haka. Amma in ta karkata sosai tana bin agogon duk inda ya yi, ko ta ja a wani gefe ta ture a wani, maganaɗisu ya kama shi. Masu gyara da ke da na'urar sauraron bugun agogo suna ganin alamar a allo: gudu ya yi yawa, juyin wilin kuma ya ragu.

Na'urar cirewa ɗan akwati ne mai maɓalli guda, a cikinsa waya ce naɗe. In an danna, wutar lantarki tana haifar da maganaɗisu mai juya fuska gaba da baya, zagaye 50 a daƙiƙa a irin wutarmu. Wannan jujjuyawar tana rikita jerin da ƙwayoyin ƙarfen suka yi. Yayin da kake janye agogon, ƙarfin yana raguwa sannu a hankali har ya ƙare, ƙwayoyin su tsaya kowace da inda ta fuskanta, babu sauran ja.

Ga yadda ake yi. Kawar da katin banki, waya da duk wani agogo mai batir daga teburin. In agogon naka yana tsayawa idan an ja kan saitinsa, ja shi ya tsaya. Tsofaffin Seiko 5 ba sa tsayawa haka, sai ka bar shi wanin ya ƙare da kansa. Ɗora agogon a kan na'urar, danna maɓallin ka riƙe. Kana riƙe da shi, ɗaga agogon a hankali ka yi nesa da shi har iya tsawon hannunka, cikin daƙiƙa biyar zuwa goma. Sai ya yi nisa sannan ka saki maɓallin.

Wannan na ƙarshen shi ne inda mutane ke ɓata aikin. In ka saki maɓallin agogon yana kan na'urar, wutar ta yanke da ƙarfinta, za ta iya barin sa da maganaɗisun da ya fi na da. Haka ma in aka ɗauke wuta kana tsakiyar janyewa, sai ka sake daga farko. Kada kuma ka daɗe da danna maɓallin fiye da daƙiƙa goma, ƙananan na'urorin nan suna zafi da wuri.

Juya agogon kwata guda ka maimaita, sannan ka yi ta gefensa. Koma wurin kamfas ka gwada. In allurar ta natsu, saita agogon da wayarka, ka rubuta lokacin, ka duba bayan awa 24. Nawa, bayan zagaye uku a hannun mai gyara, ya dawo yana ƙara 'yan daƙiƙoƙin da ya saba tun da.

Agogo mai batir da allurai kada ka sa shi a wannan na'ura. Ƙaramin motan da ke tura alluransa da maganaɗisu yake aiki. In ya kusanci lasifika yakan tsaya ko ya rikice, amma da an matsar da shi yake ci gaba, saiti kawai yake bukata.

Idan kuwa an cire maganaɗisun, kamfas ya tabbatar, amma agogon bai daina gudu ba, matsalar tana wani wurin. Ɗigon mai da ya malalo kan sifirin yana manne zagayensa kamar yadda maganaɗisu ke yi, faɗuwa ƙasa kuma tana iya harɗe shi. A nan sai an buɗe, mai gyara ya sa gilashin idonsa ya duba, ya wanke sifirin ko ya warware shi. Ka roƙe shi ya wuce da hantsakinsa da sukudirebarsa ta kan na'urar kafin ya taɓa cikin agogon, domin kayan aiki ma suna ɗaukar maganaɗisu su shafa wa sifirin.