Yadda ake gano ranar da kowane kwanan wata ya faɗa, ba tare da kalanda ba

A hirar dare a unguwarmu ta Gangare a Jos, gardama ta taɓa kaurewa kan ranar da aka ƙirƙiro Jihar Filato. Kowa ya yarda 3 ga Fabrairun 1976 ne, amma Talata ce ko Laraba? Ana iya raba irin wannan gardama da ka, ta hanyar da masanin lissafi John Conway ya fito da ita a 1973.

Fara da ba ranaku lamba. Mu wannan ya zo mana da sauƙi, domin sunayen daga ƙirgen Larabci suka fito: Lahadi 1, Litinin 2, Talata 3, Laraba 4, Alhamis 5, sai Juma'a 6, Asabar 7. Duk lambar da ta haura 7, ka yi ta cire bakwai-bakwai har ta shigo layi.

Sai ka haddace wasu kwanakin wata da kullum suke faɗawa rana ɗaya a cikin shekara. Ni turke nake kiran wannan rana, don a jikinta ake ɗaure sauran. Ga su: 4/4, 6/6, 8/8, 10/10 da 12/12. Dalili kuwa, tsakanin kowanne da mai bi masa kwana 63 ne, mako 9 cif. A watannin mara, riƙe 5 da 9 tare, 7 da 11 tare: 9 ga Mayu, 5 ga Satumba, 11 ga Yuli, 7 ga Nuwamba. Ƙara 14 ga Maris, da ranar ƙarshe ta Fabrairu, da 3 ga Janairu.

Yanzu neman turken shekara. Kowane ƙarni yana da nasa: daga 1900 zuwa 1999 Laraba ce, wato 4, daga 2000 zuwa 2099 kuma Talata, wato 3. Ɗauki lambobi biyu na ƙarshen shekarar ka yi tambaya uku. Sha biyu nawa ne a ciki? Nawa ya rage? Huɗu nawa ne a cikin ragowar? Haɗa amsoshin uku da lambar ƙarni. Abin da ya sa ake ƙirga sha biyu shi ne, kwana 365 mako 52 ne da kwana ɗaya, don haka turke yana gusawa gaba kwana ɗaya duk shekara, kwana biyu a shekarar da Fabrairu ke yin 29. A shekara 12 ya gusa kwana 15, wato mako biyu da kwana ɗaya tak.

Mu gwada da ranar samun 'yancin kai, 1 ga Oktoban 1960. A cikin 60 akwai sha biyu guda 5, babu ragowa. Haɗa 5 da 4 na ƙarni, 9 ke nan, cire 7, saura 2. Turken 1960 Litinin ce. Ke nan 10 ga Oktoba Litinin, 3 ga wata ma Litinin, koma baya kwana biyu: Asabar.

To, gardamar Gangare fa? A cikin 76 akwai sha biyu guda 6, ragowa 4, huɗu guda 1 a cikin ragowar. 6 da 4 da 1 sun ba da 11, ƙara 4 ya zama 15, cire 14, saura 1: Lahadi. A nan ne ake yawan zamewa. Huɗu tana raba 1976 daidai, saboda haka Fabrairunta ya yi 29, kuma 29 ɗin ce Lahadi. Sauko da bakwai-bakwai: 22, 15, 8, 1. Tunda 1 ga wata Lahadi ce, 3 ga wata Talata. Wanda ya manta ya ɗaure a 28 zai sami Laraba. A irin wannan shekara turken Janairu ma yana komawa 4 ga wata. Idan amsarka ta kauce da kwana ɗaya a Janairu ko Fabrairu, nan za ka fara dubawa. Ka kuma tuna 1900 ba ta yi 29 ba, amma 2000 ta yi.

Na fi son a yi atisaye da sunayen rana na 'yan gida, su Ladi, Talatu, Ɗanlami, Jummai da Asabe, don sunan shi ke gaya maka ko ka yi daidai. Sai dai in lissafi ya ba ka Alhamis alhali sunanta Jummai, kada ka yi saurin zargin kanka. A wurinmu dare ne ke gaba da yini, wadda aka haifa bayan magaribar Alhamis a daren Juma'a ta zo. Wani lokacin kuma kwanan watan da ke takardar shekaru kintace ne aka yi. Hanyar ta kalandar Miladiyya ce kawai, kwanan watan Hijira sai an fara juya shi zuwa Miladiyya tukuna.